Shanuna Suna Ramewa a Cikin Ɗanyar Ciyawa, Kuma Magani Ya Ƙi Ci

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da shanu ashirin da uku. Wata biyar ke nan da ciyawar tudu ta ƙare na mayar da su wata fadama mai tafki, kuma har yau a can suke kiwo suna shan ruwa. A wata na uku suka fara ramewa, nono ya ragu, huɗu suka kumbura a ƙarƙashin haɓa. Na yi musu allurar ibamektin sau biyu ban ga canji ba. A wata na huɗu na ɗura musu albendazol, suka ɗan farfaɗo, sannan suka koma gidan jiya. Da muka yanka guda, mun tarar da hantarta ta yi tauri, da wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye a ciki. Shin maganin jabu aka sayar mini, ko kuwa junansu suke shafa wa cutar? Fadamar nan ita kaɗai ce ɗanyar ciyawar da nake da ita.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri a kan saniyar da aka yanka, ya kuma ba sauran lafiya. Abin da ka gani tsutsar hanta ce, wadda likitocin dabbobi suke kira fasiyola, kuma tun da farko zan sauke maka nauyi guda: saniya ba ta shafa wa 'yar'uwarta wannan cuta, ko da a turke ɗaya suke kwana, ko da a kwami ɗaya suke shan ruwa. Ƙwan da ya fito a kashin saniya mai ciwo ba ya iya kama wata saniya ko da ta haɗiye shi, sai ya fara bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Wannan sharaɗi guda shi ne mabuɗin al'amarinka gaba ɗaya, domin inda babu dodon koɗin babu cutar, kuma dodon koɗin ba ya rayuwa sai inda ƙasa take da danshi ko ruwa yake kwance.

Babbar tsutsa tana zaune a cikin jijiyoyin da suke kwashe ruwan matsarmama daga hanta, tana shan jini tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana, ƙwan kuma yana bin ruwan matsarmama zuwa hanji ya fita tare da kashi. Idan kashin ya faɗi a busasshiyar ƙasa rana ta dake shi, labarin ya ƙare a nan. Idan kuwa ya faɗi a cikin ruwa ko laka, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako biyu a yanayi mai ɗumi, wata 'yar halitta da ido ba ya gani ta fito tana iyo, kuma sa'o'i kaɗan kawai take da su, ba su kai kwana ɗaya cikakke ba, ta sami dodon koɗi ko ta mutu. Da ta same shi sai ta huda jikinsa ta shiga, ta yi mako biyar zuwa takwas tana rarrabuwa, har guda ɗayan nan ta zama ɗaruruwa. Waɗannan su ne suke fitowa da 'yar wutsiya, su yi iyo zuwa ciyawar da take tsaye a cikin ruwa, su manne, su yar da wutsiyar, su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri da bai kai ƙwayar yashi girma ba. A wannan ɓawo suke jiran bakin saniya, kuma suna iya jira na watanni muddin wurin yana da sanyi da raɓa, amma zafin rana da bushewa suna kashe su cikin makonni. Masana biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Ingila, su ne suka warware wannan zagaye tsakanin 1881 da 1883, alhali makiyaya sun daɗe kafin nan da sanin cewa dausayi yana lalata hantar dabba, dalilin ne kawai ba su gani ba.

Kada ka je neman babban dodon koɗin nan mai katantanwa cike da tafin hannu, domin ba shi da hannu a cikin wannan lamari. Wanda ake nufi ƙarami ne, ɓawonsa siriri mai tsini, launinsa kamar na laka. Tsutsar iri biyu ce, ƙarama da babba. A ƙasashe masu sanyi, inda ƙaramar tsutsar take, wadda tsawonta bai wuce santimita uku ba, dodon koɗin nata bai kai santimita ɗaya ba, kuma a cikin taɓo yake zama, har sawun kofato da ruwa ya taru a ciki ya ishe shi gida. A ƙasashe masu zafi, inda babbar tsutsar take, wadda takan kai santimita bakwai, nata dodon koɗin ya fi girma kaɗan kuma ya fi son ruwan da ba ya ƙafewa: gefen tafki, magudanar ban-ruwa, rafi mai tafiya a hankali da tsire-tsire a cikinsa. Ka je bakin tafkinka da sassafe, ka juya ganyayen da suke yawo a kan ruwa, ka duba gindin ciyawa, mai yiwuwa ne ka gan su manne. Idan ba ka gani ba, wannan ba ya wanke wurin, domin hantar saniyarka ta riga ta ba da shaida.

Dalilin da ya sa irin fadamarka ta fi haɗari a daidai lokacin da ka shige ta shi ne ja da bayan ruwa. Lokacin da tafki ya cika, ƙwayoyin cutar suna mannewa a jikin ciyawar da ruwa ya rufe, inda saniya ba ta kai baki. Da ruwa ya fara janyewa sai ciyawar nan ta bayyana, kore shar, a daidai lokacin da ko'ina ya bushe, shanu kuma su bi ta taki bayan taki suna cinye ta har gindi, wato suna bin sawun ruwan suna kwashe abin da ya bari. Ƙari a kan haka, garke ɗaya ko garkuna da yawa suna taruwa a ɗan wuri, suna kashi a cikin ruwan da dodon koɗin ma ya taru a cikinsa saboda ya rasa wani, sai kowane ɓangare na zagayen ya sami ɗan'uwansa ba tare da wahala ba. Saniyar da take tsayawa cikin ruwa har gwiwa tana figar ciyawar gefe ita ce ta fi kowa ɗiba, kuma sau da yawa ita ce mafi ƙwazon kiwo a garken.

Yanzu ga abin da ya shafi magani, wanda a nan nake so ka fi natsuwa. Bayan saniya ta haɗiye ƙwayar, ɓawon yana narkewa a cikin hanji, 'yar tsutsar ta huda bangon hanjin, ta ratsa cikin ciki ta isa hanta cikin kamar mako guda. Daga nan tana yin mako shida zuwa takwas tana haƙa rami a cikin naman hantar tana ci tana girma, kafin ta shiga jijiyoyin matsarmama, kuma ba ta fara ƙwai sai ta kai mako goma zuwa goma sha biyu, babbar ta ƙasashen zafi ma takan kai mako goma sha uku zuwa goma sha shida. Wannan shi ya sa ramar ta ɗauki lokaci kafin ta bayyana, kuma shi ya sa a yau hantar kowace saniya taka tana ɗauke da tsutsotsi masu shekaru daban-daban, idan za a kira makonni shekaru: akwai wadda aka haɗiye jiya, akwai 'yar wata guda, akwai wadda ta balaga. Magungunan kuwa kowanne yana da shekarun da hannunsa yake kaiwa.

Ibamektin shi kaɗai ba ya taɓa tsutsar hanta ko kaɗan, babba ko ƙarama. Magani ne mai kyau ga tsutsotsin ciki masu kama da zare da kuma wasu ƙwarin fata, amma wannan tsutsa daga wani dangi daban take, saboda haka allurai biyun nan ba su yi kuskuren aiki ba, aikin ne ba nasu ba. Akwai samfurin da ake haɗa shi da kulosulon, wannan yana kashe manyan tsutsotsin hanta, kuma kamannin kwalaben biyu yana ruɗar mutane da yawa. Albendazol kuwa yana kashe manya kaɗai, waɗanda suka kai kimanin mako goma sha biyu. Ka lissafa da kanka: ranar da ka ɗura shi shanunka sun yi wajen mako goma sha shida a fadama, saboda haka abin da ya kashe shi ne tsutsotsin da aka haɗiye a watan farko kawai, na sauran wata ukun kuma suna cikin naman hanta bai same su ba. Sauƙin da ka gani na gaskiya ne, domin masu shan jinin sun ragu, amma kowane mako sabon rukuni yana balaga yana maye gurbinsu, ga kuma shanun suna komawa bakin tafki kowace safiya suna ƙaro wasu. Ba na cewa babu jabun magani a duniya, akwai shi, sai dai labarinka ya cika ba tare da an nemo shi ba.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda ina zargin ya taka rawa. Albendazol na tsutsar hanta a shanu miligiram goma ne ga kowane kilo na nauyin dabba, wanda ya fi abin da ake bayarwa don tsutsar ciki. Saniya mai kilo 300 tana buƙatar miligiram 3,000. Idan ruwan maganin mai ƙarfin kashi goma cikin ɗari ne, mililita 30 ke nan, amma idan mai kashi biyu da rabi ne, mililita 120 take buƙata, ninki huɗu. Mutumin da ya saba da kwalba ta farko, aka ba shi ta biyu bai duba ba, ya ba saniyarsa rubu'in magani yana zaton ya cika. Haka nan kimanta nauyi da ido yakan sa a rage, don haka a auna ƙirjin dabbar da tef ɗin awon nauyi idan babu sikeli. Kuma ba a ba saniya albendazol a farkon ciki, wajen kwana arba'in da biyar na farko, saboda yana iya lahanta ɗan tayi.

Shawarata ita ce ka fara da fitar da su daga wurin da yake da laka, domin duk lissafin magani daga ranar fita yake farawa. Mu ɗauka ka fitar da su yau. Waɗanda suka fi jigata, musamman masu kumburin haɓa, ba za su jira ba, a ba su maganin da yake kashe manya nan take don jinin da suke zubarwa ya tsaya, kasancewar babbar tsutsa guda tana iya jawo asarar kusan rabin mililita na jini a rana, saniya mai tsutsa ɗari biyu kuwa tana asarar abin da ya kai mililita ɗari kullum. Kumburin ma daga nan yake: sinadarin gina jiki da yake riƙe ruwa a cikin jini ya ragu, sai ruwan ya tsiyaye ya taru a inda ya fi gangara lokacin da dabba ta sunkuya kiwo. Ga garken gaba ɗaya kuma hanya uku ce. Tirikilabendazol na ɗurawa, miligiram goma sha biyu ga kowane kilo, shi ne yake kaiwa ga ƙananan tsutsotsi tun suna mako biyu, don haka idan aka jira mako biyu bayan fita aka ba da shi sau ɗaya, ya share kusan duka. Saniya mai kilo 300 za ta sha mililita 36 na mai ƙarfin kashi goma. Idan kulosantel ko naitirozinil aka samu, hannunsu yana farawa daga wajen mako bakwai zuwa takwas, sai a ba da yanzu a maimaita bayan wannan tazara. Idan kuwa albendazol ko okzikulozanaid kaɗai ake da su, a ba da yanzu a sake bayan mako goma sha biyu, lokacin da ƙaramar da aka haɗiye a rana ta ƙarshe ta kai girman da maganin yake kashewa. Babu ɗaya daga cikinsu da za a ɗauka a matsayin rigakafi, saniyar da aka yi wa magani yau ta koma laka gobe ta buɗe sabon lissafi.

Tun da ka ambaci nono, dole in tsaya a nan. Tirikilabendazol, kulosantel da naitirozinil suna daɗewa a jikin dabba, kuma galibi ba a yarda a ba shanun da ake tatsa don mutane su sha ba. Na farkon ma a wasu samfurori sai an jira kusan wata biyu kafin a yanka. Ga shanun tatsa, okzikulozanaid ko albendazol su ne aka fi amfani da su, tare da zubar da nonon na kwanakin da takardar maganin ta ƙayyade. Wannan rabe-rabe, wace saniya ce mai ciki, wace ce ake tatsa, wace ce za ta sha wane, aikin likitan dabbobi ne da ya ga garken da idonsa, kuma ina roƙonka ka kira shi kafin ka sake sayen kwalba.

Idan ya zo, ka nemi ya ɗauki kashin shanu kamar goma a duba. Ƙwan tsutsar hanta yana da nauyi, ana samunsa ta hanyar barin kashin da aka dama da ruwa ya kwanta, kuma a ƙarƙashin madubin likita launinsa ruwan zinariya ne, abin da yake bambanta shi da ƙwan tsutsar tumbi mai kama da shi amma fari-fari. Rashin ganin ƙwai a saniya guda ba ya nufin ba ta da cutar, domin ƙananan ba sa ƙwai, manyan ma ƙwansu yakan taru a matsarmama ya fito lokaci-lokaci. Amfanin gwajin biyu ne. Na farko, rama da farin ido da kumburin haɓa ba na tsutsar hanta kaɗai ba ne, sammore da cututtukan kaska da tsutsar ciki mai shan jini duk suna kawo irinsu, kuma wuri mai dausayi yakan tara fiye da ɗaya. Na biyu, idan aka sake gwaji mako uku bayan magani aka ga ƙwai bai ragu sosai ba, to a nan ne za a fara tambayar ko maganin jabu ne, ko ma'auni bai cika ba, ko tsutsar ta bijire masa, abin da aka fara tabbatarwa game da tirikilabendazol a Ostareliya a 1995 kuma aka gani a ƙasashe da dama tun daga lokacin. Ka kuma tambaye shi allurar rigakafin ƙwayoyin kulostiridiya, saboda ramukan da ƙananan tsutsotsi suke haƙawa suna tayar da waɗannan ƙwayoyi a cikin hanta, dabba ta faɗi matacciya ba zato ko ta yi jan fitsari.

Saura fadamar, wadda na san ba za ka iya juya mata baya ba, kuma ba na ce ka yi ba. Ba dukan faɗinta ne yake ɗauke da cutar daidai ba; haɗarin yana tattare a gefen ruwa, a inda ƙafa take nutsewa, da inda ruwa ya janye kwanan nan. Ka zagaya ka raba ta biyu da idonka, inda ƙasa take da tauri da inda take da taɓo, ka sa shinge ko mai tsaro tsakaninsu, ko da na ƙaya ne. Ruwan sha ya koma kwami a kan busasshiyar ƙasa, daga rijiya idan da hali, tun da wani kaso na ƙwayoyin ba ya mannewa a ciyawa, yawo yake yi a saman ruwa. Idan dole daga tafkin za a ɗebo, hakan ma ya fi barin shanu su shiga su yi kashi a ciki. Ka lura da gindin kwamin, domin ruwan da yake zuba kullum yakan haifar da ƙaramar fadama tasa. Ciyawar bakin ruwa kuwa a yanke ta daga sama da inda alamar ruwa ta tsaya, a baza ta a rana ta bushe ƙayau, a ajiye ta makonni kafin a ba dabba, saboda wadda ba ta bushe sosai ba tana iya riƙe ƙwayoyin da ransu. Zuba gubar dodon koɗi a tafki ba na goyon bayansa: tana kashe kifi, kuma 'yan kaɗan da suka tsira sun isa su cika wurin, kasancewar kowane guda yana iya hayayyafa shi kaɗai ba tare da abokin tarayya ba.

Idan kana da tumaki ko awaki da suke bin shanun, a haɗa da su a magani, domin su ma suna zuba ƙwai a ruwa ɗaya, kuma tunkiya ba ta da juriyar saniya, takan mutu farat ɗaya tun tsutsotsin suna ƙanana. Mutanen gida kuma kada su ci ɗanyen tsiron da aka tsinko daga wannan ruwa, kada su sha shi ba a tafasa ba, saboda mutum ma ta wannan hanya yake kamuwa. Hantar da ta yi tauri a zubar da ita.

Game da waɗanda suka rame, kada ka sa ran su cika cikin mako biyu ko da an kashe tsutsa ta ƙarshe. Kumburin haɓa yakan sauka da wuri, amma jini yana ɗaukar makonni kafin ya dawo, kuma yana buƙatar abinci mai gina jiki da gishirin lasa, tare da rage musu doguwar tafiya. Naman hanta yana sake tsirowa, sai dai jijiyoyin da suka yi kauri suka sandare har wuƙa take ƙara a kansu ba sa komawa yadda suke gaba ɗaya, saboda haka tsohuwar saniyar da ta yi wata uku bayan magani da kyakkyawan abinci ba ta ƙara nama ba, ka yi shawara da likita a kan fitar da ita daga garken bayan kwanakin jiran maganin sun cika.